Kai Tsaye, Amma Ba Nan Take Ba

Wanda gidansa ke kusa da masallacin da ake watsa tafsiri ta intanet zai iya gwada wannan da kansa a watan azumi. Ya zauna a tsakar gida inda lasifika ke iso masa, ya buɗe wayarsa ya shiga shirin da ake watsawa daga cikin masallacin. Zai ji alaramma ya ja aya ta lasifika, har malam ya fara fassara, a waya kuwa alaramma bai ko gyara murya ba. Idan ya ƙirga, zai samu sakan 15, ko 20, wani lokaci har 30 tsakanin muryar da iska ta kawo da wadda waya ta kawo. Masu kallon ƙwallo a waya sun san wannan ciwo: maƙwabta sun ɓarke da ihun an ci, kai kuwa ƙwallo tana tsakiyar fili.

Muna kiransa shirin kai tsaye, matasa na cewa laif, amma akwai rata tsakanin mai magana da mai sauraro. Wanda ya gane daga ina ratar take zuwa, shi zai gane dalilin yawancin matsalolin da masu watsa shiri ke fama da su, tun daga amsa-kuwwa har zuwa bidiyon da ya ɓace bayan Sallah.

Mu ƙaddara wasu samari uku ne a wata unguwa suka ɗauki nauyin watsa tafsirin masallacinsu, awa ɗaya da rabi kowane dare. Kayan aikinsu waya ce mai kyamara mai kyau, da ƙafar da za a ɗora ta, da ƙaramin makirfo da za a maƙala a rigar malam. Da zarar sun danna maɓallin fara shiri, wayar ba ta aika hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, don ya yi nauyin da babu layin da zai ɗauka. Sai ta matse shi tukuna. Tana aika cikakken hoto guda, galibi duk bayan sakan 2, a tsakani kuwa abin da ya canza kawai take aikawa: leɓen malam ya motsa, hannunsa ya ɗaga, bangon da ke bayansa yana nan yadda yake, ba sai an sake aiko shi ba. Wannan ne ya sa tafsiri ke fita tas a kan data kaɗan, amma bidiyon hawan sallah ko rawar biki, inda komai ke motsi lokaci guda, sai ya dinga dagulewa a kan layi iri ɗaya.

Daga waya, hoton yana hawa zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, Facebook ne ko YouTube ko waninsu. A can ake sake sarrafa shi zuwa kwafi da yawa masu nauyi daban-daban, domin wanda ke kallo a Jidda da intanet mai ƙarfi ya samu hoto garau, wanda ke ƙauye da sabis sanda biyu shi ma ya samu nasa, ko da dishi-dishi ne. Sannan a yanyanka kowane kwafi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa sakan 2 zuwa 6, a rarraba su ga rumbunan kwamfutoci da ke kusa da masu kallo. Wayar mai kallo ba ta karɓar bidiyo kamar ruwan famfo. Guga-guga take ɗiba, kuma ba ta fara nuna maka ba sai ta tara kamar guga uku a ajiye, don idan sabis ya yi tangal-tangal ta samu abin nunawa kafin ya dawo.

A nan mafi yawan jinkirin yake. Idan gunduwa sakan 4 ce, uku sun zama sakan 12. Ka ƙara lokacin matsewa a waya, da hawa, da sarrafawa a kamfani, ka kai sakan 15 zuwa 20 ba tare da wani abu ya lalace ba. Jinkirin dai da gangan aka sa shi, shi ne kuɗin da ake biya don kada hoto ya dinga tsayawa. YouTube ma yana ba mai watsawa zaɓi uku: Normal latency, da Low latency wanda ke sauko da jinkirin ƙasa da sakan 10 ga yawancin masu kallo, da Ultra low-latency wanda ke kai shi ƙasa da sakan 5. Sabon shiga yakan yi tsalle ya zaɓi na uku, yana ganin shi ne mafi inganci. A ganina kuskure ne ga mai tafsiri. Rage jinkiri yana nufin rage ajiyar da ke wayar mai kallo, kuma mafi yawan masu sauraron malam suna kan layin da ke zuwa yana ɗaukewa. Tsohuwar da ke saurare a ɗakinta ba ta damu da cewa maganar ta yi sakan 20 a hanya ba. Abin da zai dame ta shi ne a tsaya mata a tsakiyar aya, da'ira ta yi ta juyawa. Mai sayar da atamfa da leshi a laif, wadda ke ciniki da masu kallo baki da baki, ita ce ke da dalilin neman gajeren jinkiri.

Kuma jinkirin ba ɗaya ba ne ga kowa. Duk lokacin da hoto ya tsaya wa mutum na sakan 10 sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, zai iya ƙara zama baya da sakan 10. A shirin awa guda, wani zai iya zama baya da minti biyu ko uku bai sani ba. Shi ya sa nake jan kunnen masu dogara da kiran sallar da suke ji a laif, musamman lokacin sahur: kiran da ya iso maka a waya ya riga ya wuce a masallaci, balle idan masallacin a wani gari yake.

Ga lissafin da ya kamata samarin nan su yi tun kafin a ga wata. Hoto matsakaici, wanda ake rubuta wa 720p, yana bukatar kamar megabit 3 a kowane sakan. A awa guda wannan ya kai giga 1.35, a awa ɗaya da rabi kusan giga 2, a dare 30 kuwa giga 60. Idan suka sauko da nauyin zuwa rabi, giga 30 zai ishe su, kuma ga mutumin da ke zaune wuri ɗaya yana magana, bambancin ba zai dami kowa ba. Abin da zai kori masu kallo shi ne murya marar kyau. Mutane suna haƙuri da hoto dishi-dishi, amma ba sa zama su saurari malam da ƙarar fanka da kukan janareta sun rufe shi. Kuɗin makirfo ya fi kuɗin sabuwar waya amfani.

Abu na biyu, ƙarfin layi iri biyu ne, na sauke abu da na ɗora shi, kuma mai watsa shiri na biyun yake bukata. Layin da ke buɗe maka bidiyo cikin ƙiftawar ido zai iya kasa ɗora naka. Manhajojin gwada saurin intanet suna nuna lambobin biyu. Wadda aka rubuta wa Upload ita za a duba, kuma a so ta ninka nauyin shirin, wato kusan megabit 6 ga shirin megabit 3. Sannan a yi gwajin a wurin, a kuma lokacin. Gwajin da aka yi da hantsi masallaci babu kowa ba ya faɗin abin da zai faru da daddare, lokacin da ɗaruruwan mutane suka cika wurin kowa da wayarsa, duk suna rataye a kan turken sabis guda. A kuma tuna cewa kiran waya yana iya katse shiri, don haka gara a samo intanet daga wata na'ura dabam, a hana kira shigowa wayar da ke ɗauka. Waya kuma tana zafi idan tana ɗauka tana caji a lokaci ɗaya. A cire mata riga, kada a bar ta a inda iska ba ta kaiwa.

Idan ƙorafi ya fara shigowa, akwai hanyar gane inda matsalar take. Mutum ɗaya ko biyu ne ke cewa yana tsayawa, saura shiru? Layinsu ne. Mutum ashirin ne suka rubuta a minti ɗaya cewa ya tsaya? To daga masallaci ne, a rage nauyin hoton ko a sauya layi. Don haka ɗaya daga cikin samarin ya kamata ya kasance yana kallon shirin a wata waya, a kan wani layi, da iyafis a kunnensa.

Wannan saurayi na biyu shi ne ya fi dacewa ya zama modareta, wato mai tsaron ƙofar sharhi. Mai shiri ne ke naɗa shi daga cikin manhajar. A YouTube za ka ga wata alama kusa da sunansa. Instagram ya ƙara wannan dama a 2022. TikTok ma yana da ita. Ikonsa ya tsaya ne a kan masu rubutu: ya goge sharhi, ya rufe bakin mutum na ɗan lokaci, ko ya kore shi gaba ɗaya. Ba shi da iko a kan hoton, ba zai iya janye abin da malam ko wani ya riga ya faɗa ba.

Mutane suna ɗaukar aikin nan da wasa, alhali a majalisin addini shi ne mafi nauyi bayan na mai karatu. Duk wanda ya taɓa leƙa sharhin wani tafsiri ya san yadda mutum biyu za su fara musu kan aƙida, kafin minti biyar an koma zagin malamai da iyaye, masu tambaya ta gaskiya sun nutse a ciki. Akwai kuma mazambata, waɗanda ke buɗe shafi da hoton malam, su shigo sharhi su ajiye lambar asusu wai taimakon masallaci. Maganin wannan shi ne tun farkon shiri a kafe sanarwa guda a saman sharhi, wadda ke cewa ba a karɓar kuɗi ta nan, ko kuma ta faɗi hanya ɗaya tak da aka amince da ita, sannan a goge duk wata lamba da ta bayyana ba tare da jira ba.

Manhajojin suna da wurin da mai shiri zai rubuta kalmomin da ba ya so su fito, duk sharhin da ke ɗauke da su a ɓoye shi. Amma mai Hausa sai ya yi aiki ninki biyu, domin kalmar zagi guda ana rubuta ta hanyoyi huɗu ko biyar: da ƙugiya, ba ƙugiya, a haɗe, a rabe, da harafi a maimaice. Habaici da gugar zana kuwa babu jerin kalmomin da zai kama su, sai ɗan Adam mai jin harshen. YouTube yana da Slow mode, wanda ke tilasta wa kowane mai rubutu ya jira wasu sakanni kafin ya sake rubutawa, kuma wannan kaɗai yana kashe rabin faɗa, don mai fushi ba ya son jira. Ni dai shawarata ita ce a zauna da malam tun kafin azumi a yanke abin da za a goge da abin da za a bari. Zagi da talla da lambar asusu, a goge. Tambaya mai zafi wadda aka yi da ladabi, a bar ta. Modaretan da ke goge duk wanda ya saɓa wa ra'ayinsa yana zubar da mutuncin majalisin fiye da mai zagin.

Kada kuma a zaci kamfanin yana da wani ma'aikaci zaune yana kallon kowane shiri. A ranar 15 ga Maris 2019, wanda ya kai hari masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, inda mutum 51 suka rasu, ya watsa ta'asarsa a Facebook na kimanin minti 17. Kamfanin ya ce mutanen da suka kalla a lokacin ba su kai 200 ba, kuma babu wanda ya kai rahoto sai minti 12 bayan an gama. A cikin awa 24 na farko sai da ya cire ko ya tare kwafi miliyan 1.5. Bayan haka ne ya tsaurara doka, ta yadda babban laifi guda zai sa a hana mutum yin laif na wani lokaci. Sauran kamfanoni ma suna da shingayensu: TikTok ba ya barin wanda bai kai shekara 18 ba ya yi laif, YouTube kuma yana neman mabiya 50 kafin a watsa daga waya, kuma karon farko yakan ɗauki har awa 24 kafin a buɗe wa mutum. Samarin da suka bari sai daren farko sannan su nemi izini, za su iya rasa tafsirin wannan dare.

To, a ce a dare na goma malam yana son wani abokinsa malami da ke Madina ya shigo ya yi nasiha ta minti goma. A nan wani abu na daban ke faruwa. Da a ce baƙon zai bi hanyar masu kallo, da sallama kaɗai sai ta ci kusan sakan 40: sakan 20 ta je, sakan 20 amsa ta dawo. Don haka da zarar ya amsa gayyata, manhajar tana ɗauke shi daga layin masu kallo ta ɗora shi a kan wata hanya irin ta kiran bidiyo, inda jinkirin bai kai sakan ɗaya ba. Su biyun suna hira kusan nan take, sannan a haɗa hotunansu wuri guda a aika wa jama'a ta tsohuwar hanya mai jinkiri. Instagram yana barin baƙi uku tare da mai shiri tun 2021, YouTube yana da Go Live Together na baƙo ɗaya, TikTok kuwa yana ɗaukar baƙi da dama. Hanyar gaggawar ba ta da ajiya, shi ya sa da zarar layin baƙo ya yi rauni sai fuskarsa ta daskare, muryarsa ta dinga yankewa, ko da na mai shiri lafiya lau yake.

Babbar matsalar baƙo ita ce amsa-kuwwa, kuma kunne kaɗai ya isa ya gane iri biyunta. Idan malam ya yi magana ya ji muryarsa ta dawo nan da nan, kamar a cikin rijiya, to baƙon ne bai sa iyafis ba, muryar tana fita daga lasifikar wayarsa tana komawa makirfonsa. Idan kuwa maganar ta dawo bayan sakan 15 ko 20, cikakkiyar jimla da aka riga aka wuce, to wani ne a ɗakin baƙon ko a masallacin ya kunna shirin a wata waya kusa da makirfo. Na farko maganinsa iyafis, na biyu a nemo wayar a kashe mata murya. Minti biyar na gwaji da rana, ta kiran bidiyo, zai kawar da duka biyun.

Abin da ya fi amsa-kuwwa haɗari shi ne karɓar baƙon da ba a sani ba. Masu kallo suna iya aiko buƙatar shiga, kuma akwai daɗi a ce ga mai tambaya daga Kumasi ko Yamai ya fito da fuskarsa. Amma da zarar ka ɗora shi, kyamararsa ta zama taka. Duk abin da ya nuna ko ya furta ya shiga shirinka, kuma shafinka ne zai iya shan hukunci. Wasu suna zaton jinkirin nan zai ba su damar tarewa, kamar yadda wasu gidajen rediyo ke riƙe muryar mai kira na 'yan sakanni don su yanke zagi kafin ya fita. Jinkirin intanet ba haka yake ba. Gunduwar da ta bar wayarka ta tafi ke nan, manhajar waya ba ta ba ka almakashin da za ka bi ta a hanya ka yanke. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka sauke baƙon, bayan an riga an gani. A majalisin karatu, gara mai tambaya ya rubuta, modareta ya tace ya miƙa wa malam a takarda.

Saura maganar ajiya, wadda ita ce ta fi ci mini rai, domin a nan ake asarar da ba ta dawowa. Da yawa suna ɗauka cewa duk abin da aka watsa yana nan har abada a shafi. Tun daga 19 ga Fabrairu 2025, Facebook yana ajiye bidiyon laif kwana 30 ne kawai sannan ya goge shi. Ka lissafa da watan azumi: tafsirin daren farko zai ɓace daidai lokacin da ake shagalin Sallah, na daren rufewa kuma kafin Shawwal ya ƙare ko jim kaɗan bayan haka. Ma'ajiyar laif ta Instagram ita ma kwana 30 ce. YouTube ya fi sauƙi a nan, yana mayar da shirin bidiyo na dindindin muddin bai kai awa 12 ba. Dokokin nan suna canzawa, don haka abin dogaro guda shi ne a sauke bidiyon washegari, a adana shi a wuri biyu, a rubuta masa suna da kwanan wata da surar da aka karanta.

Ko wanda aka sauke ɗin ma, ba abin da kyamara ta gani ba ne, abin da ya isa kamfani ne. Idan sabis ya ɗauke na minti uku a tsakiyar bayanin gado, wannan rami yana nan a cikin ajiyar. Shi ya sa saurayi na uku ya kamata ya riƙe wata waya ko rikoda yana naɗar murya dabam, ba tare da intanet ba. Murya ta awa ɗaya da rabi ba ta cin wuri, kuma ita ce za ta cike ramin. Masu watsa biki su kuma su san cewa waƙar da ke tashi a bayan fage tana iya sa a kashe muryar wani sashe na bidiyon da aka ajiye, ko a toshe shi, saboda haƙƙin mallaka.

Akwai wani dalili kuma na riƙe cikakken kwafi. Kowane mai kallo zai iya naɗar allon wayarsa, don haka goge shiri ba ya goge abin da aka faɗa. Mun sha ganin an yanko sakan 30 daga karatun awa guda, an cire abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, an yaɗa, gari ya ɗauka. Wataƙila malam yana kawo maganar wasu ne don ya warware ta, aka yanke kafin warwarar. A ranar da haka ta faru, abin da zai wanke shi shi ne cikakken bidiyon, da za a ce ga minti na 42, ku saurara daga nan zuwa na 47. Idan ya riga ya ɓace, sai dai rantsuwa.

Sai rufewa. Idan malam ya shafa addu'a, kada a yi saurin danna maɓallin tsayawa, domin masu kallo suna baya, kuma a wasu lokuta ƙarshen yakan guntule. A bar kyamara a kan jama'a suna watsewa na kamar rabin minti, sannan a rufe. Bayan an rufe kuma, kada a cire wa malam makirfo ana hira, kada kowa ya fara zancen gida ko na kuɗin man janareta, sai saurayin da ke kallo a waya ta biyu ya ɗaga hannu ya tabbatar cewa alamar LIVE ta ɓace daga allonsa.